Sauya hoto zuwa PNG ba ya dawo da abin da JPEG ya zubar

A shagunan buga kati da kalanda, har da wurin masu haɗa talla a waya, ana yawan cewa PNG ya fi kowane tsarin hoto kyau, don haka duk hoton da ya dushe a mayar da shi PNG ya gyaru. Rabin maganar gaskiya ne. PNG, wanda aka fitar a 1996, yana matse fayil ba tare da ya zubar da ko ɗigo ɗaya ba, abin da ka ba shi shi zai dawo maka da shi. To amma nan ne iyakarsa: adanawa yake yi, ba gyara ba. Idan hoton ya riga ya bi ta JPEG ya lalace, PNG zai adana lalacewar yadda take, fayil ɗin ya ƙara nauyi a banza.

Dalilin yana cikin yadda JPEG ke aiki. An tsara shi a 1992 domin hotunan kyamara. Yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, sannan ya watsar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa. A hoton fuska ko na gona wannan dabara ce mai kyau, domin launuka a hankali suke sajewa. Rubutu kuwa kaifi ne zalla, baƙi ya ƙare fari ya fara. Shi ya sa idan ka zuƙo takardar sakamakon jarrabawa da aka adana a JPEG za ka ga ƙura-ƙura kewaye da haruffa, lanƙwasar ƙ da ɗ ta cushe. Jan rubutu a kan shuɗi ya fi shan wahala, saboda yawanci JPEG yana rage bayanin launi fiye da na haske. Kuma duk lokacin da aka gyara hoton aka sake adanawa, ana iya ƙara wata asarar a kan ta farko.

Ɗauki tambarin makaranta mai zagaye da za a ɗora a kan koren kati. A PNG, kowane ɗigo yana iya ɗaukar bayanin yadda ake gani ta cikinsa, mataki 256 daga wanda ba a ganinsa sam zuwa cikakken launi, don haka gefen tambarin yake narkewa cikin koren lami lafiya. JPEG ba shi da wurin ajiye wannan bayani ko kaɗan. Da zarar an sauya, manhaja za ta cike bayan da fari ko baƙi, tambarin ya fito cikin akwati. Mayar da shi PNG ba ya cire akwatin, kuma ko an goge farin da hannu, sau da yawa wani farin zobe yakan rage a gefe. A nan wata jita-jitar ma ta faɗi, wai duk PNG ba shi da baya. Yana iya zama marar baya, amma ba dole ba ne. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora shi a kan launi mai duhu ka gani.

Saura WebP, wanda Google ya fitar a 2010, ake kuma zarginsa da ɓata hoto. Gaskiyar ita ce hanya biyu gare shi, mai zubarwa irin ta JPEG da marar zubarwa irin ta PNG, kuma dukansu suna riƙe hoto marar baya. Sitikar WhatsApp ma WebP ce. Matsalar ita ce manhajojin sauya hoto da dama suna zaɓar hanya mai zubarwa ba tare da sun tambaye ka ba, ita kuwa kullum tana rage bayanin launi, sai rubutu mai launi ya dushe. Ga tambari ko rubutu, a nemi zaɓin `lossless`:

```
cwebp -lossless tambari.png -o tambari.webp
```

Wani zai ce data tana da tsada, PNG kuma nauyi gare shi. Wannan gaskiya ne a hoton biki ko na kaya a shago, inda PNG kan ninka JPEG sau da yawa ba tare da ido ya ga bambanci ba. A nan JPEG ko WebP mai zubarwa ne daidai. Amma tambari mai launi uku ko hoton allo mai rubutu yana matsuwa sosai a PNG, har yakan fi JPEG ƙanƙanta. Wani kuma zai ce ya tura PNG ta WhatsApp amma ya isa a dushe. Laifin ba na PNG ba ne: idan aka tura shi a matsayin hoto, manhajar tana sake matse shi. A tura ta `Document`, zai isa yadda yake.

Saboda haka kafin ka sauya, duba abin da ke cikin hoton. Na kyamara ya tafi JPEG, rubutu da tambari su zauna a PNG, shafin intanet kuma ya samu WebP ta hanyar da ta dace da hoton. Fayil ɗin asali kuwa a ajiye shi daban, duk wani kwafi a ciro shi daga can.