Tafintan takardun taro a ƙungiyar manoman albasa

A yankin Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa a jihar Tawa, manoman albasa sukan haɗu cikin ƙungiyar gama kai domin sayen taki da neman kasuwa. A taro kusan kowa na jin Hausa. Wajen karatu ne ake rabuwa: wanda ya yi lakwal Faransanci yake karantawa, wanda ya yi yaƙi da jahilci Hausar boko, wanda ya tashi a makarantar allo kuwa ajami. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a 2010, ta ba kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan hannun jarinsa. Mai ƙuri'a kuwa dole ya san abin da zai jefa ta a kai, shi ya sa ake neman mai fassara ajanda da rahoton taro.

Yawanci malamin makaranta ne ko tsohon malamin gona. Aikinsa na farawa kafin taro, lokacin da magatakarda ya ba shi ajanda da Faransanci. Ba ya taɓa lambobin batutuwa: na uku a wannan takarda shi ne na uku a sauran, domin idan shugaba ya ce a duba batu na uku kowa ya sa yatsa wuri guda. Yakan kuma nuna a fili wane batu ne sanarwa kawai, wanne ne za a yi wa ƙuri'a. Manomin da ya ga za a yanke shawara kan kuɗi zai bar ban ruwa ya zo.

Ranar taro ana magana da Hausa, magatakarda yana rubutawa da Faransanci, saboda takardar da banki da hukuma za su karɓa ke nan. Maganar ta riga ta sha fassara sau ɗaya kafin ta iso hannun tafinta. Don haka gwani yakan zauna a taron da littafinsa, yana rubuta abu huɗu kan kowace shawara: me aka yanke, wa zai yi, yaushe, nawa ne.

Kuɗi ne babban tarko. A ce an yanke cewa kowane mamba zai biya sefa 2,500 don gyaran rudun ajiyar albasa. A bakin mutanen Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000, saboda haka a taro cewa aka yi dala ɗari biyar, ko jika biyu da rabi. Idan tafinta ya ga 2,500 ya rubuta dala 2,500, ya ɗora wa kowa sefa 12,500. Idan magatakarda ne ya ji ɗari biyar ya rubuta 500, asusu zai sami kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nufa. Maganin shi ne a rubuta adadi sau biyu, da lamba a sefa, sannan da kalmomi yadda ake faɗa a kasuwa. Sai a gwada da jimla: mambobi 40 za su tara sefa 100,000, wato jika ɗari. In jimlar takardun ba ta zo ɗaya ba, akwai kuskure.

Ajami ma yana da nasa haɗari. Lambar biyar ta Larabci zagaye ce mai kama da sifirin boko, sifirinta kuma ɗigo ne da injin kwafi kan iya shafewa. Shi ya sa kwafin ajami ba ya fita sai da adadi cikin kalmomi, da wasulla cikakku.

Bayan kuɗi sai matsayin magana. "An kawo shawara", "an amince" da "an ɗage" abubuwa uku ne daban, kuma tafinta ba ya musanya su don jimla ta yi daɗi. Yakan riƙe ɗan littafi inda ya tsayar da kalma ɗaya ga hannun jari, wata ga kuɗin shiga, wata ga rarar da ake mayar wa mambobi, ya bi su daga taro zuwa taro. Idan ya tarar rahoton Faransanci ya saɓa wa abin da ya ji, ba ya gyarawa da kansa. Yakan koma wa magatakarda da shugaba su gyara tushen, su sa hannu, sannan ya fassara.

Gwajin ƙarshe yana zuwa a farkon taro na gaba. Wani mamba da ba tafintan ba zai karanta kwafin Hausa da ƙarfi, mai riƙe da na Faransanci yana bi layi-layi, masu ajami suna duba nasu. Duk inda aka ce "ba haka muka yi ba", sai a tsaya a daidaita kafin a amince da rahoton.