Doki goma ba amsa ba ne: yadda ake amincewa da injin tura ruwa ido rufe

Madatsar Zobe da ke ƙasar Dutsin-Ma tun 1983 aka kammala ta, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha da ya dogara da ita. Garuruwan yammacin Katsina irin su Runka, Safana da Batsari kuwa, yawancin abin da ke hannunsu shi ne rijiyar burtsatse, da tanki, da ɗan injin da ke tura ruwa daga ƙasa zuwa sama. Wannan ɗan injin shi ne ake saye da sakaci fiye da komai a aikin. Kafin ɗan kwangila ya sayo shi, ƙa'ida ce ya miƙa takardun bayaninsa ga injiniyan da ke kula da aikin, shi kuma ya duba, ya amince ko ya mayar da gyara. Yanzu wannan dubawa ta koma buga hatimi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar rukunin farko naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kowa ya gane cewa tafiyar da injin ruwa tsada ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wani babban ɓangare na tsadar a kan teburin ofis ake ƙulla shi, ranar da aka sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Tushen matsalar, a ganina, shi ne sayen famfo da ƙarfin doki. A kasuwa tambayar ita ce "doki nawa kake so?", kuma wannan tambayar ta bi ta shige har cikin takardun kwangila, inda za ka ga an rubuta injin tura ruwa mai doki goma, shi ke nan. Alhali doki yana faɗin girman moton da ke juya famfon ne kawai. Bai ce komai ba game da yawan ruwan da zai bayar ko tsayin da zai kai shi. Abin da ke faɗin wannan shi ne zanen aikin famfon, wato layin nan mai gangarowa da kamfani ke bugawa: yawan ruwa a kwance, tsayi a tsaye, ruwan na ƙaruwa tsayin na raguwa. A kan layin akwai wuri ɗaya da famfon ya fi juya ƙarfin da ya ci zuwa aiki. Aikin mai dubawa shi ne ya ɗora buƙatar garin a kan zanen, ya ga ko ta faɗa kusa da wannan wuri, a ƙa'idar da aka saba tsakanin kashi 70 zuwa 120 cikin 100 na ruwan da famfon ke bayarwa a can.

A ɗauki misalin aiki irin wanda gari kamar Runka zai buƙata. Duwatsun wannan yanki ba sa sakin ruwa da yawa, don haka akan haɗa rijiyoyi biyu ko uku su zuba a tankin ƙasa, sannan a tura zuwa tankin sama. A ce ana son lita 20,000 a awa. Daga tankin ƙasa zuwa bakin na sama, tudu da hasumiya sun haɗa mita 30. Bututun kilomita ɗaya ne, mai faɗin ciki milimita 80, kuma gogayyar ruwa a cikinsa za ta ci kusan mita 15. Buƙatar ke nan: lita 20,000 a awa, a tsayin mita 45. Famfon da aka zaɓa daidai, mai inganci kashi 68 cikin 100 a wannan wuri, zai nemi kilowat 3.6 a sandarsa, moto mai kilowat 5.5 ya ishe shi har da rara. Sai ɗan kwangila ya kawo takardar mai doki goma, wanda aka ƙera don lita 40,000 a awa. A ido kyauta ce, an ba gari fiye da abin da ya nema. Amma bututun ba zai karɓi lita 40,000 ba, domin idan ruwa ya ninka, gogayya ninki huɗu take yi. Saboda haka famfon zai zauna a wajen rabin ruwan da aka gina shi dominsa, inda ingancinsa zai iya sauka zuwa kashi 52. Aikin da ɗan'uwansa ke yi da kilowat 3.6, shi zai yi da 4.7. In yana aiki awa goma kullum, bambancin a shekara, in an haɗa da asarar da moto ke yi, ya kai yunit 4,500 na wuta, wanda a ƙaramin janareta ke nufin dizal wajen lita 1,500.

Kuma asarar ba ta tsaya a mai ba. Famfon da ke aiki nesa da mazauninsa ruwa na juyawa a cikinsa yana dukan farfela ta gefe ɗaya, sanda na lanƙwasa kaɗan a kowane juyi, boris na ɗaukar zafi, sil ya fara ɗiga. Mai kula da injin zai ga gejin bakin fita yana rawa, ya ji jikin famfon na kakkarwa, ya canza sil yau, bayan 'yan watanni ya sake canzawa, a ƙarshe a ce kayan jabu ne. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, wurin da aka ajiye su ne ba nasu ba.

Akwai wani tarko a kan zanen da minti ɗaya ya isa a gano shi. Wutar Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, moto mai sauri yana juyi wajen 2,900 a minti. Ƙasashe irin su Amurka da Saudiyya 60 suke amfani da shi, inda wannan moton zai yi wajen 3,500. Kamfanoni na buga zane iri biyu, kuma wanda ya ciro shafi daga intanet yana iya ɗauko na 60 bai lura ba. Gudun famfo in ya ragu, ruwa na raguwa daidai da shi, tsayi kuwa raguwarsa ta fi haka tsanani. Famfon da zanen 60 ya nuna yana ba da lita 20,000 a mita 45, a wutarmu wannan wurin zai koma lita 16,700 a mita 31. Tankin misalinmu yana mita 30 tun kafin a lissafa bututu. Injin zai yi ta ruri, ruwa na zuwa kamar fitsarin yaro, kuma babu makanikin da zai iya gyara wannan. Abin da mai dubawa ya kamata ya rubuta gajere ne: a sake kawo zanen 50, a nuna girman farfela, a sa alama a kan lita 20,000 da mita 45, a rubuta inganci da ƙarfin da ake ci a wurin, a kuma haɗo takardar gwaji bisa ma'aunin ISO 9906.

Ingancin moto shi ne abin da ya shiga bakin mutane a 'yan shekarun nan, kuma yana da kyau a nema. Sai dai a san girmansa. A moto mai kilowat 5.5 mai sauri, matakin IE1 yana ba da kashi 84.7, matakin IE3 kuma 89.2. A misalinmu bambancin bai wuce yunit 800 a shekara ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuskuren zane ke ci. Injiniyan da ya dage kan IE3 amma bai ɗora buƙata a kan zane ba ya tare ƙaramar ƙofa ya bar babba a buɗe. Abin da ya fi kashe moto a nan ma zafi ne da wuta maras tabbas. Ƙarfin da aka rubuta a allon moto an auna shi ne a kan iska ba ta wuce digiri 40 ba, ɗakin injin mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu yana haura haka. Don haka a nemi rufin koyil mai daraja F, da jiki mai IP55 saboda ƙurar hunturu, da akwatin kunnawa mai kashe injin in layi ɗaya cikin uku ya ɗauke ko tankin ƙasa ya ƙafe. Moton da ya ƙone aka kai wa masu naɗin koyil ba kasafai yake dawowa da ingancin da ya zo da shi ba.

A wajen kayan da aka ƙera famfon, takardu na da wata dabara: a rubuta "ƙarfen da ba ya tsatsa" a saman shafi, alhali rigar waje ce kawai, farfela ta roba ce ko ta zubin baƙin ƙarfe. Sai an nemi bayanin kowane sashe daban, jiki da farfela da sanda da fuskar sil. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi, yashi kuma yana cinye sil mai fuskar gawayi da wuri, shi ya sa mai tauri a fuska biyu ya fi dacewa. Farfelar baƙin ƙarfe, in injin ya yi makonni a tsaye, tsatsa na iya kama ta ta ƙi juyawa, sai moto ya ƙone a kunnawar farko. A yankin da tashar ruwa kan tsaya saboda rashin mai ko rashin tsaro, wannan ba ƙaramin dalili ba ne na neman tagulla ko ƙarfe mai lamba 304. Sannan in ana zuba sinadarin kilorin, kada a zuba shi da kauri a bakin shigar famfon.

Masu kare yadda ake yi yanzu suna da hujja, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa a gefen dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka hana ma'aikata zirga-zirga, ba a iya jiran famfo na musamman wata uku. Gara a ɗauki wanda ke kanti a Katsina ko Kano, wanda makanikin gari ya sani, kayan gyaransa na kusa. Suna kuma cewa gari na girma, babban injin tanadi ne. Batun kayan gyara gaskiya ne, ya ma kamata ya shiga cikin sharuɗɗan dubawa: sil biyu da boris da sunan dillalin da ke ajiye su. Amma rashin tsaro hujja ce ta tsananta dubawa, domin inda injiniya ba zai iya komawa ya gyara ba, nan ne kuskure ya fi tsada. Girman gari kuwa, rijiyoyin da bututun su ne iyaka, babban famfo ba ya ƙara musu ko lita ɗaya. Tanadi na gaskiya shi ne famfo biyu daidai gwargwado, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Haka ma komawa sola ba ta warware komai: kowane kilowat da aka ɓata faranti ne da aka saya a banza, kuma famfon da tsayinsa ke kan gaɓa zai daina kai ruwa sama da zarar rana ta yi sanyi.

Gyaran ba ya buƙatar sabon kasafi. Hukumar ruwa ta jihar Katsina, da hukumar ruwan karkara, da sashen ayyuka na ƙananan hukumomin Safana da Batsari, su cire ƙarfin doki daga takardar neman kwangila, su rubuta lita da mita. Duk takardar da ta zo babu zane mai alamar wurin aiki, a mayar da ita ba tare da hatimi ba. Ranar miƙa aiki kuma a sa geji a bakin famfon, a auna lokacin da tanki ke ɗauka kafin ya cika, a gwada da abin da aka amince da shi kafin a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa.