Yadda Naira Miliyan Ɗaya Ke Zama Miliyan Biyar a Littattafan Bankuna

Kuɗin da ka kai banki ba ya kwana a wuri ɗaya. Doka ta wajabta wa kowane banki ya keɓe wani kaso na abin da jama'a suka ajiye, ya damƙa shi ga Babban Bankin Najeriya, sauran kuma yana iya bayar da shi bashi. Wannan kason ajiyar dole shi ne ke nuna iyakar yadda ajiya guda za ta iya hayayyafa, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin duk wanda ya iya rabawa ba.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya kai tsabar kuɗi naira 1,000,000 banki, kason ajiyar dole kuma kashi 20 ne cikin 100. Bankin zai keɓe 200,000, ya ranta wa wani manomi 800,000. Manomin ya sayi taki, mai takin ya zuba kuɗin a nasa bankin. Wannan banki na biyu zai keɓe 160,000, ya bayar da bashin 640,000. Na uku ya keɓe 128,000, ya fitar da 512,000. Haka za a yi ta tafiya, kowane zagaye yana raguwa da kashi ɗaya cikin biyar, har abin ya ƙare. A duk tsawon wannan tafiya ɗan kasuwar farko yana nan da miliyan ɗayarsa a asusu, mai taki ma yana da tasa 800,000, kuma kowannensu na iya biyan bukata da ita.

Ba sai an bi zagayen ɗaya bayan ɗaya ana tarawa ba. Adadin ninkin shi ne a raba 1 da kason ajiyar dole:

```
m = 1 / r
```

Kashi 20 cikin 100 shi ne 0.2, idan aka raba 1 da 0.2 kuwa za a samu 5. Wanda bai saba da ɗigo ba ya raba 100 da 20, amsar ɗaya ce. Sai a ninka ajiyar farko sau 5, a samu naira 5,000,000. Wannan ita ce jimillar ajiyar da za ta iya taruwa a dukkan bankunan.

Masu koyo kan yi tuntuɓe a wurare biyu. Na farko shi ne raba 1 da 20 kai tsaye, a samu 0.05. Duk lokacin da adadin ninki ya gaza 1, to an yi kuskure. Na biyu ya fi wuyar ganewa: ba dukkan miliyan biyar ɗin ne sabon kuɗi ba. Miliyan ɗayar farko dama tana hannun ɗan kasuwar, wurin zama kawai ta sauya. Abin da bankuna suka ƙara ta hanyar bashi shi ne 4,000,000. Domin tabbatar da amsa, a ɗauki kashi 20 cikin 100 na miliyan biyar. Za a samu 1,000,000 cif, daidai da ajiyar farko. Ma'ana, ninkuwar tana tsayawa ne a lokacin da tsabar kuɗin farko ta koma ajiyar dole gaba ɗayanta.

Da wannan lissafi ake fahimtar matakan Babban Banki. A watan Satumban 2022 ya kai kason zuwa kashi 32.5, a Fabrairun 2024 ya ɗaga shi zuwa 45, sannan a Satumban 2024 ya kai shi 50 ga bankunan kasuwanci, duk a ƙoƙarin rage hauhawar farashi. A kan kashi 32.5, adadin ninkin ya ɗan haura 3. A kan kashi 50 kuwa 2 ne kacal, wato miliyan ɗayar ɗan kasuwar ba za ta wuce miliyan biyu ba, sabon bashin da za ta haifar kuma miliyan ɗaya ne.

Sai dai amsar da lissafin ke bayarwa iyaka ce ta sama, wadda da wuya a kai gare ta. Ya ginu ne a kan zaton cewa kowane bashi zai dawo banki gaba ɗaya, kuma kowane banki zai ranta duk abin da doka ta bar masa. Idan mai takin ya riƙe rabin 800,000 a hannu domin cinikin ranar kasuwa, 400,000 ne kawai za su shiga zagaye na gaba. Idan banki ya ji tsoron ba za a biya shi ba, ko 'yan kasuwa suka guji bashi saboda tsadar kuɗin ruwa, nan ma sarƙar ta gajarce. A ƙasar da ciniki da tsabar kuɗi ya yi yawa kamar tamu, ninkin zahiri yana ƙasa da na takarda. Saboda haka idan ka ji an sauya kason ajiyar dole, raba 100 da sabon adadin: abin da ka samu shi ne mafi yawan ninkin da doka ta bar wa bankuna.