Lokacin da "hukuma" ta koma "h3ma"

A shagunan buga takardu, akan kawo rahoton ƙungiya da aka rubuta duk adadinsa da kalmomi, a ce a mayar da su lambobi kafin taro. Mai gaggawa sai ya buɗe Microsoft Word, ya danna Ctrl+H, ya sa a musanya "uku" da 3, ya danna Replace All. Nan take "hukuma" ta zama "h3ma", "hukunci" ya zama "h3nci", don manhajar haruffa take bi, ba ma'ana ba.

Zaɓin Find whole words only yana hana wannan ɓarna, amma bai raba gardama ba. "Tara" adadi ce, kuma aikatau ce: "mambobi sun tara kuɗi" zai koma "sun 9 kuɗi". Shi ya sa ƙwararru suke danna Find Next, su duba kowane wuri da idonsu. Suna kuma fara wa da dogayen adadi, domin idan aka taɓa "biyar" tun farko, "goma sha biyar" za ta zama "goma sha 5" maimakon 15.

Babban aikin yana wajen kuɗi. A ɗauki jimlar nan: "An sayi taki na naira dubu ɗari biyu da hamsin." Yawancin mutane 250,000 suke nufi, amma kalmomin suna iya ɗaukar 200,050, tazarar naira 49,950 ke nan. Nan ba wurin cinta ba ne. Rasit ake nema, ko a haɗa lissafin shafin a ga wanne ya yi daidai da jimillar ƙasa. Haka "talatin ba ɗaya" 29 ce, ba 31 ba. In kuwa takardar daga Maraɗi ko Damagaram ta fito, sai an ƙara lura, domin da dala ake ƙirga kuɗi a can, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya mayar da "dala ashirin" zuwa "sefa 20" ya rage kuɗin, sefa 100 ne.

To, waɗanne za a bari? Kuɗi, shekara, awo da lambar shafi sun fi fitowa da lamba: "alif ɗari tara da sittin" ta koma 1960. Sauran ƙirge kuwa, tsarin kamfanin dillancin labarai na AP yana barin ɗaya zuwa tara da kalmomi, daga 10 ya koma lamba. Ana iya bin wannan ko wani, muddin an riƙe shi daga farkon takarda har ƙarshe.

Akwai waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan, don ba ƙirga suke yi ba: "gaba ɗaya", "Hausa Bakwai", "ya shiga uku", "sha tara ta arziki". Adadin da ya buɗe jimla shi ma da kalmomi ake barin sa, ko a juya jimlar. A cek da yarjejeniyar sayen fili kuwa, lamba da kalmomi ake rubutawa tare, saboda ƙara sifiri a bayan lamba abu ne mai sauƙi ga mai son zamba.