Me Ke Kawo Baƙi Sama da Ƙasan Bidiyo a Waya?

Duk mai duba sitatus na WhatsApp ko TikTok ya san bidiyo iri biyu. Wani yana buɗewa ya cika fuskar waya daga sama har ƙasa. Wani kuma sai ya tsuke a tsakiya, baƙi a samansa, baƙi a ƙasansa, har sai mutum ya kai wayar kusa da ido kafin ya gane fuskar mai magana. Jama'a da yawa suna ɗora laifin a kan kyamara, su ce bidiyon ba shi da inganci, wasu ma su fara tunanin sayen wata waya. Alhali kuwa bidiyon da aka ɗauka da kyamara mai tsada yana iya fitowa da wannan baƙin, na ƙaramar waya kuma ya cika allo tsaf.

Abubuwa biyu ne a nan, kuma aikinsu daban. Na farko siffar bidiyon, wato yadda faɗinsa yake idan aka gwada da tsawonsa. Ita ce ake rubutawa 9:16 ko 16:9 ko 4:3, lambar farko faɗi, ta biyu tsawo. Na biyu yawan ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, waɗanda ake kira fiksel, kamar 1080×1920. Siffa ita ke yanke hukuncin ko baƙi zai fito. Yawan ɗigo kuwa shi ke sa hoto ya fito tar ko ya yi dishi-dishi. Bidiyo mai 720×1280 da mai 1080×1920 da mai 2160×3840 duk siffarsu ɗaya, 9:16, don haka wuri ɗaya za su cika a allo. Mai son tabbatarwa ya raba faɗi da tsawo, duka ukun 0.5625 za su ba shi.

Idan siffar bidiyo ta saɓa da ta allo, manhajar da ke nuna shi ba ta da zaɓi mai yawa. Kamar a shimfiɗa tabarma ne a ɗakin da ba a auna ta da shi ba: ko a bar wani ɓangaren daɓe a buɗe, ko a naɗe gefen tabarmar. Barin daɓe a buɗe shi ne baƙin da muke gani, naɗewa kuma shi ne yanke gefen hoto. Akwai hanya ta uku, wato a ja hoton da ƙarfi har ya cika, amma ita ce ke mayar da mutane sirara dogaye ko gajeru masu faɗi, kuma babu mai aikin kirki da ke bin ta.

Mu ɗauki misalin da ke faruwa kusan kowane mako. An yi biki, mai kyamara ya ɗauki bidiyo a kwance, 1920×1080, kamar yadda aka saba don kallo a talabijin. Yanzu ana son a ciri minti ɗaya na shigowar amarya a sa a sitatus, inda filin yake a tsaye, 1080×1920.

Idan aka ce a nuna hoton gaba ɗaya, dole faɗinsa na 1920 ya ragu ya koma 1080, tsawonsa kuma ya ragu daidai gwargwado, daga 1080 zuwa kusan 608. Filin yana da tsawon 1920, hoton ya ci 608 kawai, saura 1312, wato 656 a sama, 656 a ƙasa. Hoton bai kai kashi ɗaya cikin uku na filin ba. Ba a rasa kowa ba, ƙawayen amarya duk suna nan, sai dai kowacce ta zama ƙarama.

Idan kuma aka ce a cika filin, lissafin juyawa yake yi. Tsawon hoton 1080 ne, kuma tsiri mai siffar 9:16 da za a iya cirowa daga cikinsa faɗinsa kusan 608 ne kawai daga cikin 1920. Fiye da kashi biyu cikin uku na faɗin hoton ya tafi ke nan. Amarya ta fito babba, amma ango da ke gefenta wataƙila kafaɗarsa kaɗai ta rage. A nan ne yawan ɗigo ke shigowa da nasa hukuncin. Wannan tsiri mai 608×1080 sai an buɗa shi kusan sau 1.8 kafin ya cika 1080×1920, kuma buɗawa ba ta ƙara wa hoto abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ɗigon da ke nan ake shimfiɗawa. Shi ya sa adon leshi da zanen lalle suke dusashewa. Da a ce ainihin bidiyon 1280×720 ne, tsirin 405×720 zai zama, a buɗa shi kusan sau 2.7, kuma kowa zai ga hazon. Amma da mai kyamara ya ɗauka da 4K, wato 3840×2160, tsirin zai fito 1215×2160, ya ma fi abin da ake buƙata, ba sai an buɗa komai ba. A ganina wannan shi ne babban amfanin 4K ga mai ɗaukar biki a yau: yana ba shi damar ciro bidiyo na tsaye daga na kwance, hoton kuma ya tsaya garau.

To, me ya sa wani lokaci bidiyon da aka ɗauka a tsaye, 9:16 cif, shi ma yake barin ɗan baƙi? Saboda wayoyi sun yi tsawo sun bar bidiyon a baya. Siffar 16:9 ta talabijin ce. Injiniya Kerns Powers ne ya kawo shawararta a shekarun 1980, daga baya ta zama ma'aunin talabijin na zamani, wayoyi ma suka bi ta tsawon shekaru. A 2017 abin ya sauya: Galaxy S8 ta zo da allo mai 18.5:9, iPhone X kuma da mai kusan 19.5:9. Yau wayoyi da yawa da ke hannun mutane 20:9 ne, kamar Galaxy A12 mai 720×1600 da Redmi Note 10 mai 1080×2400. Sanya bidiyo mai 1080×1920 a allo mai 1080×2400, za a sami rarar ɗigo 480. Wasu manhajojin suna cike wannan rarar da maɓallansu da wurin rubuta sharhi, shi ya sa ba a lura. Wasu kuma suna jawo hoton har ya cika tsawon, kuma idan aka cika shi gaba ɗaya, kashi 10 cikin 100 na faɗin zai ɓace a dama, wani kashi 10 a hagu. Wannan ne dalilin da ya sa lambar wayar da mai sayar da atamfa ta rubuta dab da gefen bidiyo take fitowa cikakkiya a wayarta, amma a wayar mai saye lambobi biyu na ƙarshe sun gutsure. Rubutu da fuska a tsakiya ya kamata su zauna, nesa da gefe, nesa kuma da ƙasa inda sunan mai shafi da bayani ke rufewa.

Duk wannan baƙin da na ambata na aro ne. Manhaja ce ke sa shi lokacin kallo, ba ya cikin bidiyon, kuma idan aka kai bidiyon allon da ya dace da shi sai ya ɓace. Wanda ya fi ɓarna shi ne baƙin da aka riga aka manna a cikin fayil ɗin, kuma wajen tacewa ake yin wannan kuskuren.

Ga yadda yake faruwa. Mutum ya ɗauki bidiyo a tsaye, 1080×1920, lafiya lau. Ya buɗe manhajar tace bidiyo, bai lura cewa filin aikin yana kan 16:9 ba. Manhajar ta rage hotonsa ya koma 608×1080, ta cike dama da hagu da baƙi, ta fitar masa da fayil mai 1920×1080. Daga wannan lokacin baƙin ya zama ɓangaren hoton. Idan ya ɗora shi, manhajar kallo za ta ga bidiyo ne na kwance, don ba ta san cewa gefensa fanko ne ba, sai ta sake rage shi ya shiga faɗin waya, ta ƙara nata baƙin sama da ƙasa. Ainihin hoton ya koma kusan 342×608 a tsakiyar fili mai 1080×1920, kashi ɗaya cikin goma ke nan, baƙi ya kewaye shi ta kusurwa huɗu. Abin yana ba ni takaici idan na ga wa'azi ko darasi mai amfani a cikin wannan hali, domin aikin ya yi kyau, saiti guda ne ya rage masa masu kallo. YouTube ma a shawarwarinta ga masu ɗora bidiyo ta ce kada a manna baƙi a cikin fayil, a bar manhajar ta daidaita kanta da siffar bidiyon.

Gane bambancin ba shi da wuya. A buɗe bidiyon a ma'ajiyar hotuna ta waya, a shiga inda aka rubuta Details ko Info, a duba lambobin nan biyu. Idan hoton a tsaye yake amma lambobin sun nuna 1920×1080, kuma da aka kwantar da wayar baƙi ya zauna a dama da hagu, aka tsayar da ita kuma ya kewaye hoton ta ko'ina, to manne yake. Ana haɗa lambobin da kallon ne saboda wayoyi da yawa suna ajiye bidiyon tsaye da ma'aunin kwance, su sa masa alamar da ke gaya wa manhaja ta juya shi da digiri 90. Wannan alamar a farkon ɗauka ake sa ta. Wanda ya danna maɓalli wayar tana kwance, sannan ya tsayar da ita, zai sami bidiyon da mutane ke kwance a gefe har ƙarshe, sai an juya shi wajen tacewa.

Idan baƙin manne ne, gyaran da ya fi shi ne a koma kan ainihin fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, a sake fitarwa. Yanke baƙin daga lalataccen fayil yana yiwuwa, amma ɗigon da aka zubar ba sa dawowa, 608×1080 ɗin nan za a buɗa. Kafin a jawo bidiyo cikin manhaja irin su CapCut ko InShot, ko da zarar an jawo shi, a nemi inda aka rubuta Ratio ko Canvas a zaɓi 9:16, wajen fitarwa kuma a zaɓi 1080p. Ainihin fayil ɗin kuma daga wayar da ta ɗauka za a karɓe shi, ta kebul ko a turo shi a matsayin Document, domin wanda ya zaga ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi.

Ga bidiyon bikin can kuwa, sai an zaɓa, kuma abin da ke cikin hoton ne zai nuna zaɓin. Inda amarya ke tafiya ita kaɗai, a cika allo, a riƙa matsar da tsirin yana bin ta. Inda dangi suka jeru su goma sha biyu, yankewa za ta fitar da mafi yawansu, don haka gara a bar hoton cikakke, a yi amfani da filin sama da ƙasa wajen rubuta sunayen ma'aurata da ranar biki, ko a sa kwafin hoton mai hazo a baya ya maye gurbin baƙin. Masu tacewa da yawa suna tsayawa a tsakani, su yanke zuwa 1:1 ko 4:5. Daga fayil mai 1920×1080, yankan 1:1 yana riƙe da 1080 na faɗin ba tare da an buɗa ko ɗigo ɗaya ba, ango da amarya su shiga tare, baƙin kuma ya ragu daga 656 zuwa 420 a kowane ɓangare.