Yadda ake saita agogon hannu don lissafin ninkaya

Agogon hannu na zamani ba ya auna nisa a cikin kwamin ninkaya kamar yadda yake yi wa mai gudu a kan titi. Saƙon tauraron ɗan'adam ba ya ratsa ruwa, ga shi kuma kwamaye da yawa a cikin gini suke, don haka agogon yakan ajiye GPS gefe ya koma ga ƙidaya. Duk lokacin da mai ninkaya ya kai bango ya juyo, sai agogon ya ƙirga tsawo ɗaya, sa'an nan ya ninka adadin da tsawon kwamin da aka shigar masa tun farko. Daga wannan ɗan lissafi ne nisa da sauri da sauran alƙaluma suke fitowa, shi ya sa abin da aka saita kafin a shiga ruwa ya fi komai tasiri a kan sakamakon.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa agogon na shiga ruwa ne. A wajen kamfanin Apple, agogunan da aka fitar daga Series 2 na shekarar 2016 zuwa sama ne aka amince a yi ninkaya da su, kuma juriyarsu ta kai mita 50. Wannan adadi ma'aunin gwaji ne na matsin ruwa, ba izinin nutso cikin zurfi ba. Igiyar fata ba ta son ruwa, ta roba ce ta dace, kuma a ɗaure ta ta kama hannu sosai, domin agogon da ke lilo a wuyan hannu yana rikita na'urorin da ke jin motsi.

A kan Apple Watch, ana buɗe manhajar Workout a zaɓi Pool Swim. Nan take agogon zai tambayi tsawon kwamin, sai a murza ɗan maɓallin gefe mai juyawa, wato Digital Crown, har a kai lambar da ta dace, a danna Start. A agogunan Garmin ma sunan aikin Pool Swim ne, tsawon kuma ana shigar da shi a ƙarƙashin Pool Size. Agogon yakan riƙe lambar da aka saka masa ta ƙarshe, kuma a nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe idan suka canja wurin ninkaya.

Kwamin gasa irin na Olamfik mita 50 ne, ƙaraminsa mita 25. A Amurka an fi amfani da mai yadi 25, wanda ya yi daidai da mita 22.86. Kwamayen otal-otal kuwa, kowanne da irin tsawon da filin ginin ya ba da dama. Misali, mutum ya shiga kwamin otal mai mita 18 alhali agogonsa na kan mita 25. Idan ya yi tsawo 40, ainihin abin da ya ci mita 720 ne, amma agogon zai rubuta masa mita 1,000. Ƙarin mita 280 ɗin nan ba a nisa kaɗai yake tsayawa ba. Idan minti 24 ya ɗauka, saurinsa na gaskiya minti 3 da daƙiƙa 20 ne a kowace mita 100, agogon kuwa zai nuna minti 2 da daƙiƙa 24. Mutum sai ya ɗauka ya samu ci gaba, alhali lamba ce kawai ba a gyara ba. Maganin abin mai sauƙi ne: a tambayi masu kula da wurin, in ba su da tabbas a auna da tef daga bango zuwa bango sau ɗaya a riƙe. Kwami mai siffar ƙwai ko mai lanƙwasa ba ya ba da lissafi mai inganci ko yaya aka saita.

Da zarar an fara aikin ninkaya, Apple Watch yana kulle fuskarsa da kansa, abin da ake kira Water Lock, sai alamar ɗigon ruwa ta bayyana a sama. Dalilin kullen shi ne fuskar agogon tana gane taɓawa ne ta hanyar ɗan cajin lantarki, ruwa kuma yana ɗaukar lantarki, saboda haka tana iya ɗaukar fantsamar ruwa a matsayin yatsa ta tsayar da aikin ko ta buɗe wani abu dabam. Kullen bai toshe wata kafa a jikin agogon ba, bai kuma ƙara masa juriya ba. Taɓawa kaɗai ya hana. Mai son hutawa ba sai ya buɗe ba, ya danna Digital Crown da maɓallin gefe a lokaci guda aikin zai dakata, ya sake dannawa ya ci gaba. Bayan an fito, daga tsarin watchOS 9 zuwa sama ana danna Digital Crown a riƙe har kullen ya buɗe, a tsofaffin tsare-tsare kuwa murza shi ake yi. A lokacin agogon zai fitar da wani sauti mai gunji, kuma idan aka duba kafar lasifikarsa za a ga ɗigon ruwa na fitowa, domin girgizar sautin ce ke turo shi waje. Agogunan Garmin masu maɓallai biyar ba su dogara da taɓa fuska ba, da maɓallan ake farawa da tsayawa da alamta hutu.

Gane salon ninkaya ba ya buƙatar a kunna komai. A cikin agogon akwai na'urar da ke jin saurin motsi da wadda ke jin juyawar hannu, su ne suke bambanta ninkayar rub da ciki da ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, da ta rigingine, da ta kwaɗo, da wadda ake jefa hannu biyu tare. A kan allo sunayensu Freestyle, Backstroke, Breaststroke da Butterfly. Amma hannu ɗaya kacal agogon yake gani, wanda aka ɗaura shi a kai. Mai koyo da ke ta fachaka, ko wanda ya canja salo a tsakiyar kwami, sau da yawa yakan tarar an rubuta masa Mixed, ko an ba shi salon da bai yi ba. Idan aka riƙe allon koyo da hannu biyu ana bugun ƙafa kawai, hannun ba ya motsin da za a ƙirga. Apple ya ƙara gane wannan a watchOS 9 na shekarar 2022 da sunan Kickboard, Garmin kuma yana da Drill Log inda mutum ke shigar da nisan da kansa bayan ya gama.

Abin da ya fi taimaka wa ƙidaya shi ne yadda ake barin bango. Agogon yana son ya ji tunkuɗa mai ƙarfi da ƙafa, sai ɗan sulalewa da hannu a miƙe na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin a fara bugu. Wanda ya taɓa bango da sanyin jiki ya juyo, agogon na iya haɗa masa tsawo biyu su zama ɗaya. Wanda kuma ya tsaya a tsakiya don gyara tabarau ko kauce wa wani, ana iya raba masa tsawo ɗaya gida biyu. Ana gane kuskuren daga baya a manhajar waya: idan mutum ya saba cin tsawo a daƙiƙa 30 sai ga ɗaya mai daƙiƙa 60, biyu ne aka haɗe, idan aka ga biyu a jere masu daƙiƙa 15, ɗaya ne aka raba.

Akwai kuma lambar SWOLF, wadda ake samu ta haɗa daƙiƙoƙin tsawo ɗaya da yawan bugun hannu a cikinsa. Daƙiƙa 30 da bugu 15 sun ba da 45, kuma ƙarancin lambar ne ke nuna ƙwarewa. Kwatanta ta yana da ma'ana ne kawai idan salo ɗaya ne a kwami mai tsawo ɗaya.

A tafki ko teku babu bango, don haka Open Water Swim ake zaɓa, wanda ke amfani da GPS. Agogon yana kama saƙon ne a ɗan lokacin da hannu ya fito sama, saboda haka mai ninkayar rub da ciki ya fi samun nisa daidai, mai ta kwaɗo kuwa, da hannunsa ke zama cikin ruwa, taswirarsa takan fito da giɓi.