Kafin a kunna kyamara, a fara sa hannu

Mu ɗauki fitowa guda a wani ƙaramin fim mai dogon zango da za a ɗora a YouTube. Biki ake yi a tsakar gidan haya, ga amarya da ƙawayenta, ga yaran unguwa sun cika wuri, lasifika kuma tana fitar da waƙar da ake yayi. Fitowar ba ta wuce minti uku ba, amma tana buƙatar takardun izini iri uku: ta mutane, ta wuri, da ta waƙa. Yawancin ƙananan furodusoshi da "ai mun yi magana, ya ce ba komai" suke wucewa, sai fim ya fara kawo kuɗi rigima ta tashi.

Takardar jarumi ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya. Ta ƙunshi sunansa da sunan fim, kuɗin da aka biya shi, da amincewarsa a yi amfani da fuskarsa da muryarsa. Inda aka fi tuntuɓe shi ne rashin fayyace inda za a nuna aikin. Jarumar da ta yarda a sa fim a YouTube tana iya cewa ba ta yarda a sayar wa gidan talabijin ba, ko a yanko fuskarta a yi tallar wani kaya. Saboda haka a lissafa kafafen ɗaya bayan ɗaya, a haɗa da fasta da tallar fim. Ƙawayen amarya ma su sa hannu ko su dangwala yatsa, bayan an karanta musu da Hausa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, mahaifi ko waliyyi ne zai sa masa hannu.

A wajen lokeshan, tambayar farko ita ce: wa ke da ikon ba da izini? Ɗan haya na iya buɗe muku ƙofa, amma mai gida ya ga ƙofar gidansa a fim ya ce bai san zance ba. A nemi hannun su biyun. A rubuta ranaku da sa'o'in aiki, ɗakunan da za a shiga, wanda zai biya idan an yi ɓarna, da damar dawowa idan ɗauka ba ta yi kyau ba. A ɗauki hoton wurin kafin a shigo da kaya, domin kada tsohuwar tsagar bango ta zama laifinku.

Waƙa ce ta fi cin mutane, domin haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da kari, akwai kuma haƙƙin naɗin sautin, wanda sau da yawa yana hannun wanda ya biya kuɗin sutudiyo ko kamfanin da ya saya. Mawaƙi zai iya ce maka "je ka yi amfani da ita" da zuciya ɗaya, alhali naɗin ya daɗe da barin hannunsa. Ko rera waƙar jaruma ta yi da bakinta, izinin mai tsarawa yana nan.

Tsufan waƙa ma ba ya mayar da ita ta kowa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun masu shi har ƙarshen 2069. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba mutum ɗaya tak izinin amfani da aiki, ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan furodusan da ya biya mawaƙi ya yi wa fim ɗinsa sabuwar waƙa bai mallake ta ba don kawai ya biya.

Alamar matsala takan fito da wuri. Tsarin Content ID na YouTube yana gane sautin da mai shi ya yi wa rajista, ko da a bayan fage yake tashi. Mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallar bidiyon ko ya toshe shi. Idan kuma ya nemi a sauke bidiyon, tashar za ta samu gargaɗi, gargaɗi uku kuwa na iya sa a rufe ta.

Maganin fitowar bikinmu mai sauƙi ne: a kashe lasifika lokacin ɗauka, 'yan biki su taka rawa ba kiɗa, sannan edita ya ɗora waƙar da aka samu izininta a rubuce. Furodusa ya adana takardun nan wuri guda tare da hotunansu a waya, domin duk gidan talabijin ko kamfanin da ya san aikinsa zai tambaye su kafin ya sayi fim.